Daga bakin mara lafiya zuwa takardar gado: yadda muka haɗa kundin kalmomi a wani ɗakin jinya a Garwa

A asibitocin arewacin Kamaru, takarda da baki ba harshe ɗaya suke yi ba. Duk abin da za a rubuta, daga takardar gado zuwa takardar magani da rahoton miƙa aiki, da Faransanci ake rubuta shi. A bakin gado kuwa Fulatanci ne ya fi yawa, sai Hausa, sai sauran harsunan yankin. Asibitin da nake aiki ƙarami ne, yana wata unguwa a Garwa da Hausawa suka yi yawa, kuma ni ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, ta ɗakin da ake kwantar da mata da yara, har da waɗanda aka fito da su daga tiyata. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda muka haɗa wa sababbin ma'aikatan jinya kundin kalmomi, da dalilin da ya sa ya ɗauki siffar da ya ɗauka.

Sababbin da ake turo mana iri biyu ne. Akwai waɗanda suka taso daga kudu, Yawunde ko Duwala ko Bafusam, ba su jin komai sai gaisuwa. Matsalarsu a fili take, su ma sun san da ita, shi ya sa suke neman mai fassara. Akwai kuma 'ya'yanmu na nan, waɗanda da Hausa aka yi musu goyo, amma shekara ukun da suka yi a makarantar jinya da Faransanci suka yi ta. Waɗannan sun fi ba ni tsoro. Suna jin kowace kalma da mara lafiya ya faɗa, don haka ba sa tsayawa su tambaya, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da su ya haɗa musu kalmar gida da abin da suka karanta a littafi.

Abin da ya sa muka tashi tsaye ya faru ne da irin na biyun. An kawo yaro ɗan wata goma sha takwas da daddare lokacin hunturu. Uwarsa ta ce sanyi ne ya kama shi, yana tari, haƙarƙarinsa yana ɗagawa. Nas ɗin da ke bakin aiki, yarinya mai hankali da ƙwazo, ta kama kalmar sanyi ta rubuta mura da zazzaɓi, ta ba shi farasitamol, ta sa shi cikin waɗanda likita zai gani da safe. Wata tsohuwar mataimakiyar jinya ce ta ji uwar tana maimaita maganar haƙarƙari, ta je ta ɗaga rigar yaron. Ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa duk sanda ya ja numfashi. Da aka ƙirga numfashin minti ɗaya cif, aka sami 56, na'urar yatsa kuma ta nuna iskar jininsa kashi 88 cikin ɗari. Ga yaro mai shekara ɗaya zuwa biyar, numfashi 40 a minti ya riga ya zama mai sauri, kuma iskar jini da ta gaza 90 tana neman a sa oksijin nan take a kira likita. An yi haka, yaron ya tashi. Uwar ta faɗi alamar ciwon huhu da bakinta tun a ƙofa. Nas ɗin ma ta san alamar, ta ci jarrabawa a kanta. Abin da ba ta sani ba shi ne wannan maganar ta uwar ita ce waccan alamar ta littafi.

Tattara kalmomi

Ba mu fara da ƙamus ba, ba mu kuma ɗauko jerin kalmomin Faransanci muna neman Hausarsu ba. Da an bi ta nan, da an sami kalmomi masu kyau waɗanda babu mara lafiyar da ke faɗarsu. Littafi muka ajiye a teburin ma'aikata, muka ce duk wanda ya ji mara lafiya ko mai jinyarsa ya faɗi abin da ke damunsa, ya rubuta maganar yadda ta fito, jimla sukutum, ya ƙara wane ne ya faɗa (tsohuwa ce, ko matashi, ko uwar goyo), ya ƙara inda ya nuna da hannu, sannan daga baya a cike abin da likita ya gano. Ba a rubuta sunan kowa. Mun bar littafin ya ratsa ƙarshen hunturu da bazara har ya shiga damina, domin kowane lokaci da maganganunsa. A watannin zafi na Maris da Afrilu, sanda Garwa ke haura digiri 40, maganar sanƙarewar wuya da bushewar jiki ake ji. Ruwa na sauka sai zazzaɓin cizon sauro da taune-taunen yara da gudawa su cika ɗakin.

Wurin tacewa mun zauna mu huɗu: ni, da likitan ɗakin, da tsohuwar mataimakiyar nan, da wata ungozoma da ta fi mu duka sanin maganar mata. Ƙa'idarmu ɗaya ce, kalma ba ta shiga sai idan rashin fahimtarta zai iya canza abin da za a yi wa mara lafiya. Da wannan muka zubar da fiye da rabin abin da aka tara. Kalmomi irin su hannu da ƙafa da ido sun koma wani hoton jikin mutum a shafin farko, ba su ci layi ba.

Dalilin raba shi gida biyu

An ɗan yi gardama a kan tsari. Likita yana son a jera komai bisa sassan jiki kamar yadda littattafan makaranta suke: numfashi, zuciya da jini, ciki da hanji, fitsari, haihuwa, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, fata da ƙashi. Tsohuwar mataimakiyar ta ce masa, "Likita, wanda zai sa robar fitsari da ƙarfe biyun dare ba sashen jiki yake nema ba, abin da zai ce wa matar yake nema." Su duka biyun suna da gaskiya, domin nas yana buƙatar harshe a hali biyu. Wani lokaci shi ne mai sauraro, mara lafiya yana faɗin abin da ke damunsa. Wani lokaci shi ne mai magana, yana so a yi wani abu ko a bar wani abu. Sai muka sa rabin farko bisa sassan jiki, don sauraro, rabi na biyu bisa aiki, don faɗa. A rabin farko kalmar mara lafiya ce a gaba, Faransanci a baya. A rabi na biyu sunan aikin ne a gaba da Faransanci, yadda nas ya san shi, sannan jimlolin da zai furta.

A rabin farko kowane layi yana da gida biyar: maganar yadda ake faɗarta, abubuwan da take iya nufi, tambaya ko dubawar da za ta raba su, kalmar da za a rubuta a takardar gado, da jan ɗigo idan abu ne da ba ya jira. Gida na uku shi ne kundin. Duk layin da muka kasa cike masa wannan gidan mun ɗauke shi bai gamu ba. Layin haƙarƙari, alal misali, ya ce yana iya zama ciwon huhu, ko asma, ko ciwon gefen ƙirji daga faɗuwa ko duka. Abin yi: a ɗaga riga, a jira yaro ya natsu, a ƙirga numfashi minti ɗaya cikakke, ba rabin minti a ninka ba, a duba ko ƙasan ƙirji yana lotsawa, a sa na'urar yatsa. A gefe muka rubuta iyakoki uku: 60 ga jariri da bai kai wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Sannan jan ɗigo.

Kalmomin da suka ƙi zama gida ɗaya

Nan ne tsarin sassan jiki ya fara ba mu wahala, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Bahaushe bai raba jiki yadda littafi ya raba shi ba. Zuciya ita ce babbar shaida. Wanda ya ce zuciyarsa tana tashi, amai yake ji, maganar ciki ce. Wanda ya ce tana bugawa da ƙarfi ko tana faɗuwa, yana iya zama bugun zuciya na gaske, ko ƙarancin jini, ko tsoro. Wanda ya ce tana masa zafi ko ƙuna, sau da yawa ƙwannafi ne ko gyambon ciki, wani lokaci kuma baƙin ciki yake faɗa miki ta hanyar da ba za ta kunyata shi ba. Sabon nas da ya ji ciwon zuciya ya fassara shi kai tsaye zai iya tayar da hankalin likita a banza, ko ya yi wa mara lafiya laƙabin cutar da ba shi da ita.

Ba mu zaɓa wa irin waɗannan gida ɗaya ba. Mun rubuta su a kowane sashe da suka shafa, muka kuma ware musu shafi guda a tsakiya mai suna kalmomi masu fuska da yawa: zuciya, ciki, sanyi, shawara, basir, jijiya, mahaifa, daji. A saman shafin akwai umarni ɗaya da manyan baƙaƙe, a ce wa mara lafiya ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Yatsa yana warware abin da tambaya goma ba ta warware ba. Mai cewa ciki yana iya nuna ƙahon zuciya, ko cibiya, ko mara, kuma waɗannan hanyoyi uku ne daban. Idan mace ce da ta isa haihuwa ta nuna mara, tambaya ta gaba ita ce yaushe rabonta da al'ada, ko da ba ta ce tana da ciki ba, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana iya fashewa kafin mai shi ta san da shi.

Layi ɗaya a wannan shafin na tsaya a kansa har aka yi masa jan ɗigo biyu. Mace mai ciki da ta wuce wata biyar, ta ce zuciyarta tana zafi, ta nuna ƙahon zuciya ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Mafi yawa ƙwannafin masu ciki ne. Amma shi ne kuma ciwon da kan zo gab da jijjiga. Don haka layin ya ce kada a ba ta maganin ƙwannafi sai an auna jininta, an tambaye ta ciwon kai, an tambaye ta ko tana ganin hazo-hazo ko walƙiya a ido, an duba kumburin fuska da hannu. Awon 140/90 ya isa a gwada fitsari a gaya wa likita, 160/110 kuwa a kira shi duk inda yake. A nan muka ƙara wani gargaɗi da ya shafi lamba, ba kalma ba. A al'adar asibitocin da ke aiki da Faransanci tsofaffin ma'aikata suna cewa 16/11, na'urar zamani tana nuna 160/110, marasa lafiya kuma sun koyi cewa "jinina sha shida ne". Abu ɗaya ne. Mun tsayar cewa a ɗakinmu cikakkiyar lamba ake rubutawa a gaban TA, wato gurbin awon jini a takarda, yadda na'ura ta nuna.

Shawara ma ta ci mana lokaci. A littafi tana da ma'ana ɗaya, ido da fata su yi rawaya. A bakin mutane ta fi haka faɗi nesa. Kasala, ɗacin baki, fitsari mai duhu, rashin cin abinci, duk ana kiransu shawara, ido kuwa fari fat. Idan nas ya rubuta kalmar Faransanci ta rawayar ido don kawai an ce masa shawara, ya sa a takarda abin da bai gani ba. Layin ya ce a fita da mara lafiya wurin hasken rana ko bakin taga, a ja fatar ido, a duba tafin hannu, a ga fitsarin da ido. In babu rawaya, a rubuta abin da mutum yake ji. In akwai, sai a tambayi zazzaɓi, domin zazzaɓi da rawayar ido tare suna iya zama zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ciwon hanta, ko rikicin sikila, kuma yana cikin abin da ake kai rahotonsa ga masu sa ido kan annoba saboda zargin cutar shawara mai yaɗuwa. Ga jariri kuwa, rawaya a kwanan farko na haihuwa, ko wadda ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ba ta kwana. Mun kuma sa a tambayi abin da aka sha a gida, da murya mai taushi, domin kusan duk mai shawara ya sha jiƙo kafin ya zo, kuma ba zai faɗa ba idan ya ga alamar faɗa.

Mahaifa gajere ne layinta amma mai nauyi. Wasu mata da ita suke nufin inda ɗa ke kwana, wasu kuma abin da ke biyo bayan haihuwa, wanda wasu ke kira mabiyiya ko uwar tafiya. Idan aka kawo mace daga gida ana cewa mahaifa ba ta fito ba, ko ta fito, dole a san wanne ake nufi kafin a taɓa ta. Zazzaɓi da kumburi da jiri da suma ba su da sashe ko ɗaya, sai muka buɗe musu shafin jiki gaba ɗaya.

Rabin aiki

Na ɗauka wannan rabin zai fi sauƙi tunda mu ne masu magana. Ya fi ɗaukar gyara. A nan kalma ɗaya ba ta da amfani, jimla ake so, gajera, wadda za a iya haddacewa, kuma wadda ba ta da ƙofar da za a fahimce ta ta wata hanya. Ayyukan da muka sa su ne karɓar mara lafiya, awon jiki, ba da magani, allura da ƙarin ruwa, karɓar fitsari da bayan gida da kaki don gwaji, shirin tiyata da bayanta, wankin ciwo, da sallama. Kowane aiki yana buɗewa da yadda za a kira mutum: Baba ko Inna ga wanda ya haife ka, Malam, Hajiya, Yaya ga wadda ta ɗan girme ka. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu da ya kira dattijuwa da gatsal ɗin sunanta ya rufe bakinta kafin ya fara tambaya.

Shirin tiyata shi ne misalin da nake fara koyar da shi. An taɓa ɗaga tiyatar wata mata saboda an ce wa mai jinyarta kada ta ci komai daga tsakar dare, da asuba kuwa aka dama mata kunu ta sha kofi guda. Da aka tambayi ƙanwar tata ta ce, "Wallahi ba ta ci komai ba, kunu kawai ta sha." Ba ta karya umarni ba. A Hausa kunu da koko da fura da nono shan su ake yi, har mangwaro da lemo da kankana. Ga mai sa barci kuwa kunu abinci ne, yana zama a ciki, yana iya tasowa ya faɗa huhu idan mutum ya yi barcin allura, shi ya sa ake so a yi awa shida babu abinci. Jimlar da muka tsayar ita ce: "Inna, daga ƙarfe goma sha biyun dare ba ci ba sha, ko kunu, ko fura, ko shayi, ko goro. Kamar mai azumi, har sai mun ce a ba ta." Kalmar azumi ta fi duk sauran aiki, domin kowa ya san iyakarsa. Idan mai sa barci ya yarda a sha ruwa zalla har zuwa awa biyu kafin shiga, ko akwai ƙwayar da za a haɗiya da safe, nas ne zai kawo da hannunsa.

Bayan tiyatar ciki akwai tambayar da kowa ke jin nauyinta, ko mara lafiya ya fitar da iska, domin ita ce alamar hanji ya farka. Kalmar kai tsaye tana sa dattijuwa ta kau da kai ta ce lafiya lau. Muka rubuta biyu: ta ladabi a fara da ita, "Inna, iska ta fita ta ƙasa?", sannan ta kai tsaye idan ba a gane ba, a faɗe ta a hankali ba a gaban surukai ba. Haka muka yi wa bayan gida, da al'ada, wadda mata da yawa ba za su ambata ba sai dai su ce ba sa salla.

Wajen ba da magani, "sau uku a rana" ba ta isa ba. Wasu suna jin rana a matsayin wuni, su shanye uku tsakanin hantsi da magariba, dare ya wuce babu magani a jiki. Abin da ake nufi shi ne kowace awa takwas, sai muka ɗaure shi da abin da mutane ke riƙe lokaci da shi: bayan sallar asuba, bayan azahar, da lokacin kwanciya wajen ƙarfe tara zuwa goma. Sau biyu kuwa asuba da magariba. Cokali ma mun cire shi daga bakinmu. Ƙaramin cokalin da takardar magani ke nufi mililita 5 ne, na gida kuwa kowanne da girmansa, don haka sirinji ake ba uwa, a ja layi da alƙalami a inda za ta tsaya. Ruwan gishiri da sukari na gudawa ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ake haɗa shi, amma gorar ruwan kanti da ta fi yawa a hannun mutane lita ɗaya da rabi ce. A sa wa gorar alama a inda lita ɗaya ta tsaya, a nuna wa uwa, a kuma gaya mata abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo.

Ƙarin ruwa yana da jimlar da ba ta cikin kowane littafi. Masu jinya suna ganin ruwa yana ɗiga a hankali sai su murɗa ɗan makunnin don ya yi sauri, da kyakkyawar niyya. Leda mai mililita 500 da aka tsara ta yi awa takwas tana tafiya ne a kan ɗigo 21 a minti, da irin robar da ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya. Idan ta ƙare cikin awa ɗaya a jikin ƙaramin yaro, ko mai tamowa, ko tsoho mai raunin zuciya, ruwan yana iya taruwa a huhu. Don haka duk wanda ya sa ruwa zai ce, "Likita ne ya auna saurinsa, kada a taɓa nan. In ya tsaya, ko hannun ya kumbura, ko ya kusa ƙarewa, a kira ni."

Wani abu da 'yan kudu ba za su taɓa zato ba yana shafin karɓar mara lafiya. Kafin a ba da magani ana tabbatar da suna, amma uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace kuma sau da yawa ba ta faɗin sunan mijinta. Nas ya tambaya, ta sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka ba ta ji ba ko ba ɗanta ba ne. Mafita ita ce nas ya karanta sunan daga kati ya ce "shi ne?", ko ya tambayi wadda ta rako ta, sannan ya haɗa da lambar gado da shekaru, domin a ɗaki ɗaya ana iya samun yara uku masu suna ɗaya.

Rubutu da furuci

Wanda ya yi karatu da Faransanci yana karanta baƙaƙen Hausa da kunnen Faransanci. Ya ga ciki ya ce siki, ya ga wasalin u ya murɗe shi. Sai muka ƙara gida ɗaya a ƙarƙashin kowace jimla, an rubuta ta yadda mai Faransanci zai karanta ta fito daidai, Hausar asali kuma tana sama ba a taɓa ta ba. Baƙaƙe masu lanƙwasa ba su da irin wannan dabarar, kuma a ɗakin jinya ba ado ba ne. Kashi da ƙashi ƙugiya ɗaya ce ta raba su, ɗaya na gwajin bayan gida, ɗaya na ɗakin hoto. Ungozomar ta karanta jimlolin rabin aiki a waya da muryarta, aka tura wa kowane sabo ya riƙa saurare. Kundin kansa mun buga shi iri biyu: cikakke a cikin leda a teburin ma'aikata, da ƙaramin kati mai naɗewa na aljihu wanda ba ya ɗauke da komai sai layukan jan ɗigo da jimlolin ayyuka huɗu da aka fi yi da dare.

Gwaji, da inda ya tsaya

Kafin mu raba shi mun gwada kowace jimla a kan masu jinya. Sabon nas zai karanta, sannan a ce wa matar, "Yaya, in kin koma wurinta me za ki yi?" Ba a tambayar ko ta gane, domin amsar kullum to ce, ladabi ne ba shaida ba. Jimlar da mutum biyu suka maimaita ta a karkace, jimlar ce ke da laifi, a sake ta. Ta haka muka gano cewa "a kawo fitsarin safe" yana sa a kawo cikin kwalbar da aka wanke da sabulu daga gida, sai muka ƙara cewa a wannan robar da muka bayar kaɗai, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya. Wannan tambayar ta maimaitawa ta zama layin ƙarshe a kowane shafi na rabin aiki.

Ba mu yi ƙididdigar da zan kafa hujja da ita ba, amma canjin da nake gani a takardun gado a fili yake. Sababbi sun fara rubuta maganar mara lafiya yadda ya faɗa, sannan abin da suka gani da idonsu, a layi daban. Yaro mai tari ba ya wuce teburin karɓa ba a rubuta adadin numfashinsa ba.

Akwai kuma haɗarin da kundin da kansa ya haifar, na ga alamarsa da wuri. Wanda ya haddace jimla talatin yana tambaya da Hausa mai kyau, mara lafiya ya saki jiki ya amsa da jimla goma, shi kuwa bai kama ko ɗaya ba, kunya kuma ta hana shi cewa bai ji ba. Saboda haka muka juya tambayoyin 'yan kudu suka zama masu amsar e ko a'a, ko nuni da hannu, ko ƙirga da yatsu, muka kuma koya musu jimla ɗaya tun ranar farko: "Hausata kaɗan ce, bari in kira mai ji." A bangon kundin an rubuta abubuwa huɗu da ba a yin su da shi ko kaɗan: neman amincewa kafin tiyata ko ƙarin jini, faɗin sakamakon gwajin ƙanjamau, faɗin cuta mai nauyi irin daji, da sanar da rasuwa. Waɗannan sai ma'aikacin da ya ji harshen sosai, a keɓe, kuma ba a sa yaro ya fassara wa uwarsa, ba a sa miji ya fassara wa matarsa abin da ya shafi sirrinta.

Gidan Fulatanci muna cike shi yanzu, kuma ba daga Hausar muke fassarawa ba. An ajiye sabon littafi a tebur ana tara maganganun daga bakin masu su kamar yadda aka yi da farko, domin inda kalmomin Fulatanci ke rabuwa biyu ba lalle ne ya zama inda na Hausa ke rabuwa ba. Littafin Hausar ma bai rufu ba. 'Yan kasuwa da ke zuwa daga Mubi da Yola da masu saukowa daga Marwa suna kawo kalmomin da ba mu da su, kuma duk wadda ta bayyana sau biyu muna duba ta a taron ɗaki na wata, a cike mata gida biyar ɗin, a sake buga shafin da ta shafa kaɗai.